Yadda Mai Albashi a Jos Zai Koma Sana'ar Fim, Rubutu ko Waƙa Ba Tare da Tukunyar Gidansa Ta Mutu Ba

Mafi yawan waɗanda suka ajiye aikin albashi don su rungumi fim ko waƙa ko rubutu, sannan suka dawo neman aiki kafin shekara ta zagayo, ba rashin basira ba ne ya kayar da su. Lissafi ne. Sun dubi watan da suka fi samu suka ɗauka haka kowane wata zai kasance, alhali kuɗin wannan sana'a ba ya zuwa a jere. Wata guda ya zo da yawa, wata biyu ya ɗauke ɗif, mai gidan haya kuwa da mai shagon unguwa ba ruwansu da wannan. Don haka aikin da ke gabanka shi ne ka mayar da kuɗi mai zuwa jefi-jefi ya koma tamkar albashi, tun kana kan aikinka, sannan ka bar alƙaluma su gaya maka ranar tafiya.

Za mu bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A ɗauka akwai malamin wata makaranta mai zaman kanta a Jos, yana zaune a Rikkos da matarsa da ɗa ɗaya, albashinsa naira 110,000. Da yamma da ranar Asabar yana tace bidiyo: na biki, na talla, da fina-finai masu dogon zango da ake ɗorawa a YouTube. Burinsa ya zama mai shirya fim na kansa. Alƙaluman misali ne kawai, kai sai ka sa naka a gurbinsu, amma tsarin ɗaya ne ko ke marubuciya ce mai sayar da littafi ta waya, ko mawaƙi mai shiga situdiyo.

Mataki na farko: gano ainihin abin da gidanka ke ci

Ka samu littafi mai layi, ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka na tsawon wata uku, har kuɗin Keke Napep daga Terminus zuwa gida. Wata ɗaya ba ya isa, domin ba kowane wata ake cika gas ko a je asibiti ba. Malaminmu ya yi haka ya ga cefane na cin 65,000, sufuri 12,000, wuta da ruwa da gas 10,000, data da katin waya 8,000, abin da yake kai wa iyaye 10,000, magani 5,000. Jimla 110,000, daidai da albashinsa. Shi ya sa yake ganin albashin na riƙe da gidan, kuɗin tace bidiyo kuma rara ce.

A nan ne kuskuren yake. Akwai kuɗin da ba sa fitowa kowane wata, sai dai su faɗo gaba ɗaya: haya 240,000 a shekara, hidimar Sallah ƙarama da babba 120,000, kuɗin makarantar yaro 60,000, sai biki da suna da gaisuwa da gyare-gyaren gida 60,000. Wannan 480,000 ke nan, wato 40,000 a wata idan aka raba gida 12. Ashe gidan nan 150,000 yake ci a wata. Albashi bai kai ba, kuma kuɗin da yake kira rara shi ne yake toshe ramin tun tuni ba tare da ya lura ba. Wannan lamba ta 150,000 ita ce za ka rubuta a shafin farko na littafin, domin duk sauran lissafin a kanta zai tsaya. Kada ka rage ta don ka faranta wa kanka rai. Abin da kake ba iyaye da kayan Sallar yara suna ciki, saboda ba za ka daina su ba ranar da ka ajiye aiki, kuma bai kamata ka daina ba.

Mataki na biyu: rubuta abin da sana'ar ke kawowa na shekara guda cur

Dalilin shekara guda shi ne kasuwar tana da lokutanta. Cikin azumi biki na tsayawa, masu fim da yawa na sassauta aiki, hankalin masu kallo na komawa tafsiri. Bayan Sallah aiki na yin yawa har ka rasa na karɓa. Damina a Jos tana da tsawo, tun daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma a tsakiyarta, Yuli da Agusta, ɗaukar hoto a waje na wahala, ana yawan ɗage aiki. Ƙarshen shekara kuma lokacin bukukuwa ne da tarukan kamfanoni. Ga kuma abin da duk mazaunin Jos ya sani: idan aka sa dokar hana fita, aiki na iya tsayawa na kwanaki ba shiri.

Ga abin da littafin malamin ya nuna, a dubban naira, wata bayan wata: 60, 90, 20, 180, 110, 150, 40, 30, 70, 90, 140, 220. Jimla 1,200,000. Idan ka tambaye shi nawa yake samu, 220,000 ɗin nan ce za ta fara zuwa bakinsa. Amma daga jimlar sai an cire kuɗin da aikin kansa ya ci: fetur na janareta saboda wuta ba ta tsayawa, data ta tura manyan fayiloli, ma'ajiyar hoto, zirga-zirga wajen karɓo aiki. Sun kama 300,000. Saura 900,000, wato 75,000 a wata, rabin abin da gidansa ke buƙata. Watanninsa uku mafi rauni kuwa, 20 da 30 da 40, ko cefane ba za su yi ba. Amsar a fili take: lokacin ajiye alli bai yi ba tukuna. Hausawa suka ce ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu, kuma watan 220,000 hadari ne kawai.

Abin da ake rubutawa shi ne kuɗin da ya shigo hannu, a ranar da ya shigo. Alkawari da “zan turo maka gobe” suna da nasu shafin daban, shafin bashi.

Mataki na uku: raba kuɗin sana'a da kuɗin gida

Buɗe asusun banki na daban wanda kuɗin sana'a kaɗai ke shiga. Duk wanda zai biya ka, wannan lambar za ka ba shi, in kuma hannu da hannu aka ba ka, ka zuba a ciki kafin ka taɓa. Muddin kuɗin aiki na haɗuwa da na cefane a wuri ɗaya, ba za ka taɓa sanin ko sana'ar na riba ba, kuma kafin alƙalamin da aka ba ka don sayen fetur da biyan mai sauti sai ya tafi a buhun shinkafa.

Duk kuɗin da ya shigo, a ranar ake raba shi. A tsarin malamin, cikin kowace naira 100,000, ana barin 25,000 don kuɗin gudanar da aiki, 40,000 na tafiya asusun haya da Sallah da makaranta, 25,000 na shiga ajiyar ko-ta-kwana, 10,000 kuma na gyara da sabunta kayan aiki. Ka lura kaso ne, ba adadi ba: ko 20,000 ce ta shigo, haka za a yanka ta. Wannan ne ke hana watan samu ya zama watan sabuwar waya.

Ajiyar ko-ta-kwana ita ce ginshiƙin shirin baki ɗaya. Girmanta kuɗin gida na wata shida, a nan 900,000. A ajiye ta inda babu katin cire kuɗi a aljihunka, amma za ka iya samun ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ. Adashi na taimakawa wajen tara kuɗin haya ko na kayan aiki, tunda ka san ranar kwasarka, amma bai dace da ko-ta-kwana ba, domin ciwo ba ya jiran zagayowar layi. Kada kuma a zuba ta a jari, ko a ranta wa aboki mai shirya fim da sunan za a mayar idan fim ya fita. Da yake tsadar kaya na cin darajar kuɗin da ke kwance, yana da kyau a mayar da wani ɓangare abinci: a sayi masara da wake lokacin kaka, daga kasuwanni irin ta Mangu, a adana da kyau. Gidan da ke da hatsi a ɗaki yana jure watan 20,000 fiye da wanda ke awo kullum.

Akwai maganar iyali, wadda ba a cika faɗa ba. Ka zaunar da matarka, ko mijinki, a nuna littafin, a yarda da lambar tare. Ranar da aiki babba ya faɗo kowa zai ji labari, buƙatu kuma za su taso ta ko'ina. Idan ka riga ka ware abin taimako a cikin lissafin wata, za ka bayar da zuciya ɗaya, in ya ƙare ka ce ya ƙare ba tare da ka yi ƙarya ba.

Yanzu duba saurin taruwar. Kashi 25 cikin ɗari na 1,200,000 shi ne 300,000 a shekara. Kafin a kai 900,000 sai shekara uku. Ya yi tsawo, kuma matse cefane ba zai gajarta shi sosai ba. Abin da zai gajarta shi farashi ne.

Mataki na huɗu: yanka farashi daga lissafinka

Yawancin masu tasowa suna tambayar nawa ake biya a gari, su karɓi hakan ko ƙasa da shi. Ka fara ta ɗaya gefen: nawa ne awa ɗaya ta aikinka dole ta kawo kafin ka rayu da sana'ar kaɗai? Idan malamin ya bar koyarwa, zai buƙaci 150,000 na gida, 40,000 na gudanar da aiki tunda fetur da data za su ƙaru, 20,000 na kayan aiki, 10,000 na inshorar lafiya da tanadin tsufa, da 20,000 da zai riƙa tarawa don fim ɗin kansa. Jimla 240,000 a wata.

Awa nawa zai sayar? Ko da ya zauna gaban kwamfuta kullum, awannin da ake biya ba za su wuce 30 a mako ba, domin neman aiki, jiran wuta, zuwa karɓo hoto da bin bashi duk ba mai biyan su. Wato 120 a wata. Kuma ba kowane wata aiki ke cika ba, don haka a lissafa kashi biyu cikin uku, awa 80. Raba 240,000 gida 80, ka samu naira 3,000 a kowace awa. Wannan ne ƙasan farashinsa.

Sai a gwada da ayyukan da yake karɓa. Kashi ɗaya na fim mai dogon zango, mai minti 40, yana cin masa awa 20 tsakanin jera hoto, gyaran sauti, gyaran launi da sa rubutun fassara. A lissafinsa kuɗinsa 60,000 ne. Idan 25,000 ake ba shi, awarsa ta koma 1,250, kuma ko ya kwana yana aiki ba zai kai ba. Tallar minti ɗaya ta wani shago ko makaranta kuwa, mai cin awa 6, in an biya 30,000, awarsa ta zama 5,000. Daga nan zai gane aikin da yake ciyar da shi da wanda yake yi don koyo da sanin mutane. Ba sai ya daina na biyun ba, domin a can ne yake gogewa a harkar labari, amma ya ƙayyade masa lokaci, misali kashi ɗaya cikin uku na awanninsa.

Mazaunin Jos yana da wata dama a nan. Haya da rayuwa sun fi sauƙi a kan Abuja nesa ba kusa ba, alhali ƙungiyoyi da kamfanonin da ke buƙatar bidiyo, muryar talla, waƙar faɗakarwa da fassara zuwa Hausa da yawansu suna Abuja, kuma aikin tacewa da rubutu ana iya yin sa daga ko'ina a tura. Sai dai irin waɗannan ba sa biya ta asusun mutum haka kawai. Za su nemi sunan kasuwanci mai rajista da hukumar CAC, da lambar haraji, da takardar neman biya, wani lokaci su cire harajin da doka ta ce su riƙe tun daga tushe, kuma biyan na iya ɗaukar wata ɗaya ko biyu. Ka yi rajistar tun kana da albashi, ka kuma sa wannan jinkirin a lissafi.

Mataki na biyar: karɓar kuɗi da kare haƙƙi

A nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Ƙa'idar ita ce rabi kafin a fara, rabi kafin a miƙa. Samfurin da za ka tura don a duba ya kasance mai ƙaramin inganci, da tambarinka a tsakiyar hoton. Mawaƙi ya tura ɗanɗano da murya a kai, marubuci ya tura tsarin labari da fitowa ta farko, sauran sai an cika. Da zarar cikakken aiki ya bar hannunka, ka koma mai roƙo.

Yarjejeniya ba sai ta lauya ba a ƙananan ayyuka. Saƙo ɗaya a rubuce, wanda ɗayan ya amsa da “na amince”, ya fi dogon zance a majalisa. Ya ƙunshi abin da za a yi, kuɗin, ranar miƙawa, da adadin gyara: sau biyu kyauta, na uku da kuɗinsa. Rashin wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke mayar da aikin awa 20 ya zama na awa 40 a kan kuɗi ɗaya. Idan babba ne a sana'ar kake jin nauyinsa, akwai hanyar faɗa cikin ladabi: “Ranka ya daɗe, bari in rubuto abin da muka tsayar don kada in manta wani abu.” Ba wanda zai ji haushin wannan sai wanda dama bai yi niyyar biya ba.

Sai batun mallaka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi cewa sayar da haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izini na keɓe, ba ya tabbata sai a rubuce. Haƙƙin rubutu da na waƙar da aka tsara yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, wato dukiya ce da magada za su ci. Saboda haka ka bambance abu biyu: sayar da labari ɗungurungum, da ba da izinin a yi fim ɗaya da shi. Marubuciyar da ta ba da littafinta a karanta a wata tasha ta rubuta ko na shekara nawa ne, ko tasha ɗaya ce, kuma ko haƙƙin mayar da shi fim yana hannunta. Mawaƙi da mai kiɗa su rubuta kason kowa a ranar da aka yi waƙar, tun ba ta kawo ko sisi ba, domin bayan ta karɓu kowa zai tuna abin da ya fi masa daɗi. Farashin sayarwa ɗungurungum dole ya ninka na izini.

Kayan aiki: haya kafin saye

Tun da aka saki naira a 2023 kayan da ake shigowa da su suka yi tsada ƙwarai, don haka kuskure a nan yana da ciwo. Abin da kake taɓawa kullum shi ake saye, abin da kake buƙata jefi-jefi a yi hayarsa. Ga mai tacewa, kwamfuta da ma'ajiyar hoto guda biyu da batirin da zai riƙe aiki in an ɗauke wuta sun fi kyamara muhimmanci. Guda biyu, domin ma'ajiya ɗaya in ta mutu da bikin mutane a ciki, ka yi asarar kuɗi da suna a rana ɗaya. Kyamara kuwa a yi lissafi: in farashinta 1,500,000 ne, hayarta 25,000 a yini, sai ka yi aikin yini 60 kafin ta biya kanta. Mai ɗaukar hoto sau biyu a wata zai shekara biyu da rabi bai fanshe ba. A Jos, inda Hukumar Fina-finai ta Najeriya take da makarantarta ta koyon fim, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA, samun masu kaya da masu hannu da za a yi haya ko musayar aiki da su ba abu ne mai wuya ba. Bashin manhajojin waya don sayen kaya kuwa a guje shi gaba ɗaya, saboda biyansa na da rana tsayayya, samunka kuma ba shi da ita.

Aikin kanka: nawa za ka iya asara?

Duk wannan tsari don fim ɗinka ne, ko kundin waƙoƙinka, ko littafinka. To amma aikin kai jari ne mai jinkirin dawowa, wani lokaci ma ba ya dawowa. Kasafinsa shi ne abin da ka tara a asusunsa, wanda in ya tafi gaba ɗaya gida ba zai ji ba. Ba a taɓa ko-ta-kwana saboda shi, ba a taɓa kuɗin haya.

Masu dogaro da YouTube su san yadda kuɗinsa ke tafiya. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla a dogayen bidiyo, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Bayan nan mai tasha na samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar, ba a kuma turo komai sai abin da ya taru ya kai dala 100, kuma kuɗin wannan wata sai wajen 21 ga watan gaba yake fitowa. Akwai tantance adireshi da cike bayanan haraji, waɗanda kan riƙe kuɗin mutum in bai yi su da wuri ba. Sannan kallon da aka yi daga Najeriya ba ya kawo abin da kallo daga Turai ko Amurka ke kawowa. A shafin YouTube Studio akwai lamba mai suna RPM, wato abin da kake samu a kowane kallo dubu. Da ita ake lissafi. A ce malamin ya kashe 400,000 a gajeren fim, lambarsa kuma ta kama naira 500: sai an kalli fim ɗin sau 800,000 kafin uwar kuɗi ta dawo. Sabuwar tasha ba ta cika samun haka ba. Shi ya sa fim na farko ya kamata ya zama ƙarami, 'yan wasa kaɗan, wuri ɗaya ko biyu, yini biyu na ɗauka, a kuma nemi mai shago ko makaranta da zai sa talla a ciki ya ɗauke wani ɓangare na kuɗin tun kafin a kunna kyamara. Duk waƙa ko kiɗan da ba naka ba da ka sa ba izini na iya sa kuɗin bidiyon ya koma wa mai shi.

Marubuta masu sayarwa ta rukunin WhatsApp matsalarsu daban ce: da littafi ya fita, ana yaɗa shi kyauta cikin kwanaki. Mafi yawan kuɗin a makonnin farko yake shigowa, don haka a karɓi kuɗin masu karatu kafin a fara saki, a kuma lissafa littafin a kan wannan kuɗin kaɗai. Mawaƙa kuma su ɗauki kuɗin manhajojin sauraro a matsayin ƙari mai zuwa bayan watanni. Waƙar biki, ta talla da hawa dandamali su ne masu biya yanzu. Waƙar siyasa na kawo kuɗi mai kauri, amma lokacinta gajere ne kuma bashinta na da wuyar karɓa bayan zaɓe, don haka a karɓi kuɗinta cif kafin a shiga situdiyo.

Ranar ajiye aiki

Sharuɗɗa uku ne, kuma sai sun cika tare. Ko-ta-kwana ta kai wata shida. Littafinka ya nuna cewa a wata 12 da suka wuce, abin da sana'ar ta bari bayan cire kuɗin aiki ya kai aƙalla kashi biyu cikin uku na buƙatar gida, alhali da yamma da Asabar kawai kake yi, kuma kana mayar da wasu ayyuka saboda rashin lokaci. Wannan mayarwar ita ce shaidar cewa in ka samu cikakken lokaci akwai abin da zai cike shi. Na uku, kana da masu ba ka aiki a kai a kai aƙalla uku, ba kuma wanda rabin samunka ke fitowa daga hannunsa. Wanda furodusa ɗaya ke riƙe da shi bai zama mai zaman kansa ba, ya sauya maigida ne kawai, ga shi babu albashi tsayayye.

Ga malamin, kashi biyu cikin uku na 150,000 shi ne 100,000. Yana kan 75,000. Idan ya sauya wasu ayyuka masu arha da na talla har ya kai 100,000 a wata, abin da zai rage bayan kuɗin haya da Sallah ya zama 60,000. In ya ware 10,000 na kayan aiki ya tara 50,000, ajiyar za ta cika cikin wata 18 maimakon shekara uku. Kafin ya fita gaba ɗaya, zai iya neman makarantar ta mayar da shi mai zuwa kwana biyu ko uku a mako, ya gwada zango ɗaya a haka. Lokacin fita kuma a zaɓe shi: bayan an biya hayar shekara, ana dab da shiga kakar aiki, ba ana saura mako biyu azumi ko a tsakiyar Agusta ba. A ba da sanarwa yadda takardar ɗaukar aiki ta ce, a rabu lafiya, domin makarantar nan ma tana da bikin yaye ɗalibai da za a ɗauka.

Ma'aikacin gwamnati ya yi hattara tun a matakin farko: kundin tsarin mulki ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma, don haka ya nemi shawarar masana doka kafin ya yi rajistar kamfani da sunansa. Wanda ke cikin tsarin fansho na karo-karo kuma, asusunsa na nan ko ya bar aiki, kuma dokar fansho ta 2014 ta ba da damar cire kashi 25 cikin ɗari na kuɗin asusun ga wanda ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Kada a sa wannan a lissafin jari. Inshorar lafiya da ta tafi da aikin kuwa a maye gurbinta tun a watan farko, kuma a Filato hukumar inshorar lafiya ta jihar, PLASCHEMA, na da tsarin masu zaman kansu.

Bayan ka fita, ka riƙa biyan kanka albashi. Ranar ɗaya ga wata, 150,000 ta tashi daga asusun sana'a zuwa na gida, ko an samu 400,000 a watan ko an samu 30,000. Rarar watan samu na zama a asusun ta jira watan rashi. Sai asusun sana'a ya kasa ne ake taɓa ko-ta-kwana, kuma kuɗin farko da ya shigo shi ke mayar da abin da aka ɗiba. Ka kuma ja layi tun yau, ka rubuta shi a littafin, matarka ta sani: idan ajiyar ta sauko zuwa kuɗin wata biyu, wato 300,000, za ka nemi aiki mai biya a kai a kai, ko darasin yamma ne, ko riƙe shafukan wani kamfani, ko tacewa a gidan talabijin, ka ci gaba da naka da daddare har ajiyar ta koma wata shida.